Yadda Ake Mayar da Zafin Obin Tsakanin Salshiyas da Faranhait

Rubutun girki ya ce ki gasa kek a 350, maɓallin obin ɗinki kuwa a 250 ya ƙare. Obin ɗin lafiyarsa ƙalau. Wanda ya rubuta girkin da ma'aunin Faranhait yake aiki, wanda shi ne Amurkawa ke amfani da shi a kicin, obin ɗinki kuma da Salshiyas aka ƙera shi, ma'aunin da mafi yawan sauran ƙasashe ke bi. Lissafin mayarwar bai kai minti ɗaya ba, kuma ba a nan aka fi yin ɓarna ba. Ɓarnar tana zuwa ne daga rashin tantance wace irin lamba ce a gabanki tun kafin a fara lissafi, da kuma rashin sanin wane irin obin za a saka kwaɓin a ciki. A kan waɗannan biyun za mu fi daɗewa.

Abubuwan da za ki tanada

Rubutun girkin gaba ɗayansa, har da jerin kayan haɗi da tsawon lokacin gashi, domin lambar zafi ita kaɗai ba ta isa a gane komai ba. Sai kalkuleta, ta waya ma ta wadatar. Sai takarda da biro, da ɗan salatif na manna takardar a jikin bango kusa da obin. In littafin da ya zo da obin ɗin yana nan, ki ɗauko shi.

Abu na ƙarshe, wanda ni a ganina ya fi duk sauran amfani, shi ne ma'aunin zafi na cikin obin: ɗan ƙaramin ƙarfe mai fuska kamar agogo, ana rataye shi a jikin raga ko a tsayar da shi a kai. Yawancinsu suna ɗauke da °C da °F duka a fuska ɗaya, don haka shi kansa jadawali ne. Kada a haɗa shi da mai tsinke, wanda ake sokawa a cikin nama. Aikinsu daban, kuma mai tsinken da ba a yi shi don zama cikin obin ba robar jikinsa narkewa take yi. In ba ki da ma'aunin, akwai dabarar sukari a mataki na 7.

1. Ki gano da wane ma'auni aka rubuta girkin

In an sa °F ko °C a gaban lambar, magana ta ƙare. Matsalar ita ce masu rubutu da yawa lambar kawai suke ajiyewa, saboda suna ɗauka duk mai karantawa a ƙasarsu yake.

Daga 300 zuwa sama, kusan ko da yaushe Faranhait ne, domin obin ɗin gida na Salshiyas yawanci a wajajen 250 yake tsayawa, wasu su ɗan zarce. In kuma kika ga 160, 170, 180 ko 190 a matsayin zafin gasa kek ko biskit, Salshiyas ne, tunda a Faranhait wannan zafin ko ruwa ba ya tafasawa, balle ya gasa kwaɓi.

Wurin haɗarin shi ne tsakanin 200 da 250, domin a nan lamba ɗaya tana iya zama kowanne. A Salshiyas, 225 wuta ce mai ƙarfi, irin wadda ake gasa burodi mai ɓawo ko a soya bayan dankali da ita cikin ɗan lokaci. A Faranhait kuwa 225 ɗin nan bai wuce 107°C ba, zafi ne mai laushi da ake barin babban yankin nama a cikinsa ya yi awanni yana dahuwa a hankali. Wadda ta ɗauki na biyun a matsayin na farkon, kafin awa ɗaya ta cika hayaƙi zai gaya mata.

Abin da zai raba miki gardama shi ne lokaci. In rubutun ya ce 225 na awa biyar ko shida, Faranhait ne. In ya ce 225 na minti ashirin, Salshiyas ne. Ki ƙara da duba yadda aka auna kayan haɗin: girkin da ya auna fulawa da kofi, ya faɗi girman gwangwani da inci, ya auna nama da fam, galibi ɗan Amurka ne. Wanda ya zo da giram da mililita da santimita ya fi karkata ga Salshiyas. Na ce ya fi karkata ne kawai, domin akwai masu yin burodi a Amurka da ke auna fulawa da giram amma zafin obin su rubuta shi da Faranhait. Shi ya sa lokacin gashi ne babban shaida.

2. Ki san obin ɗinki

Ki duba lamba mafi girma a jikin maɓallin. In ta tsaya a wajajen 250, Salshiyas ne. In ta kai 500 ko 550, Faranhait ne. In lambobi ne daga 1 zuwa 9 a obin mai gas, wataƙila tsarin Birtaniya ne da ake rubutawa Gas Mark, za mu zo kansa. Obin mai allo na zamani kuwa, da yawa ana iya sauya masa ma'auni daga cikin saitinsa. In naki haka yake, kuma girke-girkenki duk daga tsari ɗaya suke fitowa, ki sauya shi sau ɗaya ki huta.

Tambaya ta biyu: akwai fanka a bangon baya na cikin obin ɗin, kuma tana juyawa in kin kunna? A jikin maɓalli, alamar layi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tana nufin gashi ba fanka. Alamar fanka kuma tana nufin iska mai zafi za ta riƙa zagayawa. Ki riƙe amsar, za ta yi aiki a mataki na 5.

3. Ki yi lissafin

Bayani kaɗan ne kike buƙata. Ruwa yana daskarewa a 0°C, wato 32°F, yana tafasa a 100°C, wato 212°F. Tsakanin daskarewa da tafasa ke nan akwai taki 100 a Salshiyas, akwai taki 180 a Faranhait. Ma'aunan biyu sun bambanta ta hanya biyu: ba wuri ɗaya suka fara ƙirga ba, shi ne dalilin 32 ɗin da za ki gani, sannan digirin Salshiyas ya fi girma, kowane 5 nasa daidai yake da 9 na Faranhait.

```
°C = (°F − 32) × 5 ÷ 9
°F = (°C × 9 ÷ 5) + 32
```

Mu ɗauki 350°F. Ki fara cire 32, saura 318. Ki ninka sau 5, ya zama 1590. Ki raba gida 9, ki samu 176.7. To 350°F ɗin nan da ke cike littattafan Amurka kusan 177°C ne.

Komawa ɗaya ɓangaren, a ce rubutun ya ce 200°C, obin ɗinki kuma na Faranhait ne. 200 sau 9 ya ba da 1800, a raba gida 5 ya zama 360, a ƙara 32, an samu 392°F.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne juya tsarin. In za a je Salshiyas, cire 32 ne farko. In za a je Faranhait, ƙara 32 ne ƙarshe. Wadda ta fara ninka 350 ta raba, sannan ta cire 32 daga baya, za ta samu 162. Abin da ya sa wannan kuskuren ke da mugunta shi ne 162 lamba ce da ta yi kama da gaskiya, ba abin da zai sa a yi zarginta, alhali an rasa digiri 15. Kek ɗin zai gasu a ƙarshe, sai dai ya daɗe, ya fito fari fat kuma bai tashi yadda ya kamata ba.

Kalkuletar waya ma tana da nata tarkon. In kika jera 350 − 32 × 5 ÷ 9 a layi ɗaya, ita ninkawa da rabawa take fara yi, sai ta ba ki 332. Ki danna alamar = bayan kin cire 32, ki ga 318 ta fito a allo, sannan ki ci gaba.

In hannunki duk fulawa ne kuma ba kalkuleta kusa, akwai gajeriyar hanya: raba Faranhait gida biyu. Rabin 350 shi ne 175, rabin 400 shi ne 200. Wannan yana aiki ne saboda a daidai 320°F amsar gaskiya ita ce 160°C cif, rabi ba ragi ba ƙari, don haka duk lambar da ke kusa da nan ba ta kauce sosai. Tsakanin 300 da 400 kuskuren bai kai digiri 5 ba. Da an yi sama yake buɗewa: rabin 500 ya ba da 250, gaskiyar kuwa 260. In an yi ƙasa sosai kuma dabarar ta lalace gaba ɗaya, kamar yadda za ki gani a mataki na 6.

Daga Salshiyas zuwa Faranhait da ka kuwa, ki ninka biyu, ki cire kashi ɗaya cikin goma na abin da kika samu, ki ƙara 32. Misali 180: ninki biyu 360, a cire 36 saura 324, a ƙara 32 ya zama 356. Wannan amsa ce cikakkiya, ba kintace ba. Akwai wata da ake yawan koyarwa, wai a ninka biyu a ƙara 30. Don zafin gari aka yi ta, kuma a can tana da amfani. A obin kuwa 180 zai koma 390, an zarce da digiri 34. Ki bar ta a wajen kicin.

4. Ki daidaita lambar da abin da maɓallin ke iya ba ki

Ba wanda ke murɗa obin zuwa 176.7. Maɓallan Salshiyas yawanci goma-goma suke tafiya, na Faranhait kuma ashirin da biyar-biyar. Don haka masu littattafan girki suka saba da wasu lambobi da ake ɗauka a matsayin abokan juna. Su za ki kwafa a takardar da za ki manna a bango:

- 275°F: 140°C, Gas Mark 1
- 300°F: 150°C, Gas Mark 2
- 325°F: 160°C, Gas Mark 3
- 350°F: 180°C, Gas Mark 4
- 375°F: 190°C, Gas Mark 5
- 400°F: 200°C, Gas Mark 6
- 425°F: 220°C, Gas Mark 7
- 450°F: 230°C, Gas Mark 8
- 475°F: 240°C, Gas Mark 9

Lambobin gas ɗin suna da sauƙin haddacewa: kowace ɗaya digiri 25 ce ta Faranhait, an faro daga 275.

Za ki ci karo da jadawalin da ya saɓa wa wannan a wuri ɗaya ko biyu, musamman a 325 da 350. Wani ya ce 325 ɗin 160 ne, wani 165, wani 170. Wani ya mayar da 350 zuwa 175, wani 180. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amsar ce ta faɗo a tsakiya, 163 da 177, kowa ya ja ta inda ya ga dama. Yadda nake zaɓa shi ne in dubi abin da za a gasa. Kek mai zurfi, ko mai yawan sukari da zuma, wanda bayansa ke saurin yin duhu tun cikinsa bai nuna ba, ƙasa nake yi da shi, 175 ko 160. Abin da ake so bayansa ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, kamar kaza ko kayan lambu, sai in yi sama. Bambancin digiri 3 ko 4 bai isa ya ɓata girki ba, domin obin ɗin da kansa yana hawa yana sauka fiye da haka a duk lokacin da yake aiki.

5. Ki rage wa fanka haƙƙinta

Iskar da fanka ke kaɗawa tana kai zafi jikin abinci da sauri fiye da iskar da ke tsaye, kamar dai yadda shanya ke saurin bushewa ranar da ake iska. Lambar da ke kan maɓalli ɗaya ce, amma gashin ya fi ƙarfi. Ƙa'idar da aka saba ita ce a rage 20°C, masu Faranhait kuma su rage 25°F. Lambobin biyu ba daidai suke da juna ba, kowane ɓangare abin da ya dace da maɓallinsa ya ɗauka, don haka ki bi na ma'aunin da obin ɗinki ke da shi.

Ki fara mayarwa, sannan ki rage. Girkin Amurka da ya ce 400°F ba tare da ƙarin bayani ba, obin marar fanka yake nufi. Ya zama 200°C, a obin mai fanka kuma 180°C.

Wurare biyu ne ake rage sau biyu ba a sani ba. Na farko, littattafan Birtaniya da Ostareliya sukan ba da lambobi biyu a jere, kamar 200°C/180°C fan. Sun riga sun yi miki ragin, ta biyun ita ce ta fanka, kada ki sake cire komai. Ki kuma kula kada ki ɗauki lambobin biyu a matsayin iyaka, wai daga 180 zuwa 200. Na biyu, wasu obin na zamani, musamman ƙirar Amurka, da kansu suke rage 25°F da zarar an zaɓi gashin fanka, wanda aka rubuta wa Convection. Ki danna 350 ki ga allon ya nuna 325, to ya yi aikin. Littafin obin ɗin zai faɗa miki ko naki yana haka.

In obin ɗinki yana ba da zaɓi, ni shawarata ga kek mai laushi a kashe fankar kawai, a yi amfani da wutar sama da ƙasa. An rage lissafi ɗaya, kuma saman kek ɗin ba zai bushe da wuri ba. Fanka ta fi amfani in tire biyu ko uku na biskit za a gasa lokaci ɗaya.

6. Ki tantance lambobin da ba na maɓallin obin ba

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa. A cikin rubutun girki ɗaya ana iya samun lambobin zafi iri uku, kuma kowace da yadda ake bi da ita. Ta farko ita ce ta maɓalli, wadda muka gama. Sauran biyun ga su.

Akwai lambar ragi ko ƙari. Rubutu ya ce in gwangwaninki baƙi ne ko kwanon gilashi ne, ki rage 25°F. Wannan 25 ɗin tazara ce tsakanin zafi biyu, ba wani matsayi ba ne a kan ma'auni, don haka 32 ba ta da hurumi a ciki. In kika saka ta a lissafin mataki na 3 za ki samu lamba ƙasa da sifili, wadda ba ta da ma'ana a nan. Abin da za ki yi kawai shi ne ninkawa sau 5 da rabawa gida 9: 25°F ya zama kusan 14°C, ki ɗauke shi 15 ko 10 gwargwadon maɓallinki. Ragin 50°F kuma kusan 28°C ne, a ce 30. In kina shakka, akwai hanyar da ba ta kuskure: ki yi ragin tun a Faranhait, 350 ya koma 325, sannan ki mayar da 325 ɗin.

Sai lambar zafin cikin abinci, wadda ake aunawa da ma'auni mai tsinke. A nan ba a kintace, ba a ja lamba ƙasa, ba a kuma amfani da dabarar rabi ko ninki. Kaza ana so tsakiyar namanta, wurin da ya fi kauri, ya kai 165°F, wato 74°C. Niƙaƙƙen naman sa 160°F, wato 71°C. In kika raba 165 gida biyu za ki jira har 82, kazar ta bushe. Wannan ma da sauƙi. Juyin shi ne mai haɗari: rubutu ya ce 74°C, ma'auninki na Faranhait ne, kika ninka biyu kika samu 148, kika fitar da kazar a nan. 148°F bai wuce 64°C ba, saura digiri 10 ta kai inda aka ce.

Haka ruwan jiƙa yis. Girkin Amurka yakan ce 110°F, wanda yake 43°C, ɗumi ne kawai da hannu ke jurewa ba wahala. Rabin 110 kuwa 55 ne, ya matso kusa da zafin da ke kashe yis, sai ki zauna jiran kwaɓin da ba zai tashi da kyau ba. Duk lambar zafin cikin abinci ko na ruwa, ki ba ta cikakken lissafi, in kuma ta nama ce ki cika ta sama.

7. Ki tabbatar obin ɗin yana faɗin gaskiya

Duk lissafin nan a kan zaton cewa in kin murɗa 180, cikin obin ɗin 180 ne. Sau da yawa ba haka ba ne, musamman in ya kwana biyu. Ki rataye ma'aunin a tsakiyar ragar tsakiya, inda abincin zai zauna, ki kunna 180, ki ba shi minti ashirin. Kada ki dogara da ƙarar da wasu obin ke yi ko fitilar da ke mutuwa, sukan riga bangon obin ɗin ɗaukar zafi. Ki karanta ta gilashin ƙofa ba tare da kin buɗe ba, ki sake karantawa bayan minti biyar, ki kuma sakewa. Za ki ga allurar tana ɗan hawa tana sauka, domin wutar kamawa take yi tana saki. Tsakiyar abin da kika gani shi ne zafin gaskiya. In ya tsaya a wajajen 195, obin ɗinki yana ƙari da 15, ki rubuta haka a ƙasan takardar bango, duk lambar da lissafi ya ba ki ki riƙa cire wannan.

In babu ma'auni, sukari zai ba ki labari. Farin sukari yana narkewa a wajajen 186°C, wato 367°F. Ki zuba cokali ɗaya a kan takardar alminiyom a cikin tire, ki saka a obin da ya riga ya yi zafi a 175°C, ko 350°F, na minti goma sha biyar. Ya kamata ya fito da ƙwayoyinsa, ko da ya ɗan sauya launi. In ya narke ya zama ruwa, obin ɗin yana ƙari. Sai ki ɗaga zuwa 190°C, ko 375°F, ki jira ya kai, ki saka sabon sukari. A nan ya kamata ya narke. In bai narke ba, obin ɗin yana ragi. Gwajin ba zai faɗa miki yawan digirin ba, ɓangaren da obin ya karkata kawai zai nuna. Ki yi hankali da narkakken sukari, yana manne wa fata kuma ƙunarsa ta fi ta tafasasshen ruwa.

Obin da ba shi da lambobi sam, sai alamar ƙaramar wuta da babba, shi kam ma'aunin ciki ya zama dole. Ki nemo inda maɓallin ke ba da 160, 180 da 200, ki yi wa kowanne alama da ɗan salatif.

8. Mu bi girki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Ga rubutu: kek a gwangwani mai faɗin inci 9, fulawa kofi biyu, a gasa a 350 na minti 30 zuwa 35, in gwangwanin baƙi ne a rage 25. Obin ɗinki na Salshiyas ne, fankarsa ba ta kashuwa, gwangwaninki baƙi ne, kuma gwajin ma'auni ya nuna obin ɗin yana ƙari da 10.

Kofi da inci da lambar 350 sun nuna Faranhait ne, kuma ba a ambaci fanka ba. Lissafi ya ba da 177. Ragin fanka ya sauko da shi 157. Saura maganar baƙin gwangwani, wadda ta ce a cire wasu 14, ya zama 143. A nan nake tsayawa in yi tunani, domin ragin biyu matsala ɗaya suke magancewa, wato kada bayan kek ya ƙone kafin cikinsa ya nuna, kuma in aka tara su gaba ɗaya wutar takan yi sanyi da yawa. Ni zan nufi 150 zuwa 155 a cikin obin ɗin. Tunda kuma yana ƙari da 10, maɓallin a 140 ko ɗan sama da haka zai tsaya, sai ma'aunin da ke rataye ya tabbatar.

Lokaci ba a mayar da shi, minti 30 minti 30 ne a kowane tsari. Amma duk sa'ad da kika gasa abu karon farko da lambar da kika mayar, ki fara leƙawa ta gilashi minti biyar zuwa goma kafin lokacin da aka rubuta. Kada ki buɗe ƙofa kafin kek ya yi kashi biyu cikin uku na lokacinsa, tsakiyarsa na iya faɗawa. A minti na 25 ki soka tsinke a tsakiya. In ya fito da ɗanyen kwaɓi, ki ƙara minti biyar ki sake gwadawa.

Kek ɗin da kansa zai nuna miki ko lambar ta yi. In ya yi tozo a tsakiya ya tsage, gefensa ya yi duhu ya janye daga jikin gwangwani alhali tsinke yana fitowa da danshi, wuta ta yi yawa, wani karon ki rage 10. In lokaci ya wuce da minti goma ko fiye, samansa har yanzu fari, cikinsa ya yi nauyi ya cushe, wuta ta yi kaɗan, ki ƙara 10. Biskit ma haka: in ya baje ya haɗe da juna kafin ya kama jikinsa, sau da yawa obin ɗin bai yi zafin da ake buƙata ba, in kuma ƙasansa ya ƙone samansa bai yi ja ba, ko zafin ya yi yawa ko tiren ya yi kusa da wutar ƙasa. Abu ɗaya za ki sauya a kowane gwaji, ko zafi ko matsayin raga, in ba haka ba ba za ki san wanne ya yi gyaran ba.

Da kin samu lambar da ta yi, ki rubuta ta a gefen girkin tare da mintin da ya ɗauka, da gwangwanin da kika yi amfani da shi, da ko fanka na kunne. In kin sauya obin, sai ki maimaita mataki na 7 kafin ki amince da waɗannan lambobin.